Yadda ake gyara kalaman takardar bayanin kai ta neman tallafin karatu ta fito da gaskiyarka ba tare da cika baki ba

Shekaru ke nan ɗalibai suna kawo mini takardunsu na neman sikolashif in duba musu kafin su tura, a nan Kaduna, wasu daga Tudun Wada, wasu daga Kawo ko Barnawa, wasu kuma sun gama a Zariya sun dawo gida. Abin da na fi cin karo da shi ba ƙarya ba ce tsagwaronta. Yaro ne ya yi aiki na gaske, amma da ya zo rubutawa sai ya lulluɓe shi da kirari, har mai karatu ya kasa ganin aikin. Mutumin da ke tantance irin waɗannan takardu yana karanta su da yawa a jere, kuma kusan kowa ya ce shi jagora ne mai hangen nesa wanda zai sauya Afirka. Wanda ya faɗi abin da ya yi, a ina, da wa, da abin da ya biyo baya, shi ne ake tsayawa a kansa.

Wannan bayani na wanda ya riga ya rubuta takardarsa ne, yana son ya gyara kalamanta. Galibi da Turanci ake rubuta ta, amma zan kawo misalan da Hausa, don ciwon ba na harshe ba ne, kuma za ka ga a gaba cewa Hausar ma kayan aiki ce a wannan gyara.

Abin da za ka tanada

Ka buga takardar a kan farar takarda, da tazara tsakanin layuka. Idan babu halin zuwa kafe, ka kwafe ta da hannu a littafi, kana tsallake layi ɗaya. Kwafewar ma tana da amfani, domin hannu yakan yi nauyi idan ya zo kan jimlar da ba ka yarda da ita ba. Ka nemi biro ja da shuɗi. Ka ajiye tambayoyin masu ba da tallafin a gabanka yadda suka rubuta su, tare da adadin kalmomin da suka ƙayyade. Sai takardar tarihin karatunka da aikinka, da duk wata shaida da kake da ita: satifiket, littafin da ka riƙa rubuta aiki, hotuna masu kwanan wata, saƙonnin waya. Na ƙarshe, mutum ɗaya da ya san ka sosai, wanda ba ya jin nauyin ce maka ka ƙara gishiri.

Ka ba aikin kwana biyu aƙalla. Ranar da ka rubuta, komai zai yi maka daɗi a kunne.

1. Koma kan tambayar

Kafin ka taɓa kalma ɗaya, ka sake karanta abin da aka tambaye ka. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, misali, yana tambaya daban-daban a kan jagoranci, da yadda kake ƙulla hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kwas ɗin da kake so, da tsarin aikinka bayan ka dawo. Na Commonwealth ya fi karkata ga amfanin da karatun zai yi wa ci gaban ƙasarka. Sau da yawa kumburin magana yana zuwa ne daga rashin amsa: an tambayi mutum lokacin da ya ja ragamar wani abu, bai tuna ko ɗaya ba, sai ya cike gurbin da bayanin muhimmancin jagoranci. Duk sakin layin da ba ya amsa tambayar, ka ja masa layi a gefe, ka bar shi tukuna.

2. Yi wa takardar alama

Da jan biro ka zagaye duk inda ka siffanta kanka: mai ƙwazo, mai kishi, jajirtacce, mai tsananin shauƙi, haziƙi. Ka haɗa da kalmomin faɗaɗawa irin su "matuƙa", "ƙwarai", "kullum", "dubbai", "al'umma baki ɗaya", "a karon farko". Da shuɗi ka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ke ɗauke da abin da ya faru a wani wuri, a wani lokaci. Idan a kwamfuta kake aiki, ka danna Ctrl+F ka nemo sau nawa ka maimaita kalma guda ta yabon kai.

Yanzu ka ɗaga takardar ka dube ta daga nesa. A mafi yawan waɗanda nake gani ja ne ya mamaye, shuɗin bai fi layi uku ko huɗu ba. Waɗannan layukan shuɗi su ne takardarka ta ainihi.

3. Tambayi kowace jar kalma: me ya faru?

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai, da misalin ɗiyar yayata. Ta karanci kiwon lafiyar al'umma, tana aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ɓangaren Rigasa, tana neman tallafin digiri na biyu. Ga yadda ta buɗe amsarta a kan jagoranci:

"Ni jagora ce mai tsananin kishin lafiyar yara, wadda ta kawo juyin juya hali a harkar riga-kafi a al'ummarta. Na jagoranci gagarumin gangami wanda ya ceci rayukan dubban yara marasa galihu."

Na ajiye takardar na ce mata, "Manta da wannan. Gaya mini abin da kika yi, kamar kina ba mamanki labari." Ta ce, "Kawu, ai abin ba shi da yawa, shi ya sa na ɗan gyara shi." Na ce ta dai faɗa.

Ga abin da ya fito. Jadawalin riga-kafin jarirai yana farawa da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sannan na ƙyanda a wata 9. Ta lura iyaye mata suna zuwa na mako 6 da na mako 10, amma na mako 14 sai a ga layi ya ragu. Ta nemi izinin shugabar asibitin, ta sayi littafi, ta fara rubuta lambar wayar duk uwar da ta zo da ranar da ya kamata ta dawo, tana kira ana gobe. Makonnin farko kiran bai yi tasiri ba, domin yawancin lambobin na mazajen ne, kuma da rana suna kasuwa ko wurin aiki, ba sa ɗauka, in sun ɗauka ma sai su manta. Sai ta mai da kiran bayan magariba, lokacin da maigida yake gida, ta kuma daina cewa a gaya wa uwar, ta koma roƙon shi maigidan kai tsaye ya bar ta ta zo, ya ba ta kuɗin Keke. Abokan aikinta biyu suka shigo suka raba lambobin da ita. Cikin wata huɗu sun rubuta mata 60, kuma 41 sun dawo a makon da ya dace.

Na tambaye ta me ya sa ba ta rubuta wannan ba. Ta ce ta ga kamar littafi da kiran waya ba abin da za a kai wa Turawa ba ne. Wannan tunani shi ne tushen kumburin takardu da yawa. Ka dubi abin da ke cikin labarin: ta lura da matsala da idonta, ta nemi izini, ta gwada hanya ta ƙi, ta gane dalili, ta sauya, ta jawo wasu. Duk abin da ake nufi da jagoranci yana ciki, ba tare da ta ambaci kalmar ba. Ga yadda muka mai da shi:

"A asibitin da nake aiki a Rigasa na lura iyaye mata suna raguwa a riga-kafin mako 14. Da izinin shugabarmu na buɗe littafin lambobin waya, ina kira ana gobe ranar dawowa. Da farko bai yi aiki ba, saboda wayoyin na mazajensu ne kuma da rana nake kira. Na mai da kiran bayan magariba, na riƙa magana da mazajen kai tsaye, sannan na shawo kan abokan aikina biyu muka raba aikin. Cikin wata huɗu, 41 daga cikin mata 60 da muka rubuta sun dawo a kan lokaci."

Ka yi wa kowace jar kalma irin wannan tambaya. Idan ka ce kai mai haƙuri ne, yaushe aka gwada haƙurin? Idan amsa ta zo, ka rubuta amsar ka goge siffar. Idan ka yi minti biyar ba ka tuna komai ba, ka goge jimlar gaba ɗaya, kar ka yi mata kwaskwarima. Kuma kar ka cire wurin da abu ya ƙi. Ɗalibai suna tsoronsa, alhali shi ne yake sa mai karatu ya yarda da sauran, don wanda ya ƙirƙiro labari ba kasafai yake tuna ya sa kuskure ba.

Idan ba ka taɓa riƙe wani muƙami ba, kar ka ƙago. Ka duba shekarar bautar ƙasa, ko darasin da kake koya wa yara a Islamiyya ko a coci, ko shagon mahaifinka a Kasuwar Barci da ka tsara masa littafin bashi, ko rukunin karatun da ka haɗa kafin jarrabawa. Ƙaramin abu da ka sani ciki da waje ya fi babban da za ka yi ta kame-kame a kansa.

4. Auna kalmar aikatau, ka daidaita "ni" da "mu"

Akwai tazara tsakanin "na kafa", "na jagoranta", "na tsara", "na taimaka" da "na halarta". Ka ɗauki wadda ta yi daidai da kai. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne: da wanda kuka yi aikin tare zai karanta jimlar, zai gyaɗa kai ne ko zai ɗago ya dube ka? Wanda ya raba ruwan leda a taro ya rubuta "na shirya taron", ranar intabiyu za a tambaye shi yadda ya samo kuɗin ɗakin taro, kuma a nan zance zai tsaya.

Sai dai mu a nan muna da ciwo na biyu, wanda ya saɓa wa na farko. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka wasu, musamman 'yan mata, sukan ɓuya a bayan "mu": muka lura, muka yanke shawara, aka yi nasara. Kunya abu ne mai kyau a zaure, amma a wannan takarda tana rufe abin da aka ce ka nuna, domin kai za a ba tallafin, ba ƙungiyar ba. Da na hana ɗiyar yayata kirari, sai ta faɗa wannan ramin, ta mai da komai "muka". Muka zauna muka rarrabe: lura da raguwar, ita ce, sayen littafi, ita ce, sauya lokacin kira, ita ce, raba lambobi da sakamakon, su uku ne. Faɗin abin da ka yi da bakinka ba cika baki ba ne matuƙar haka aka yi, kuma ambaton waɗanda suka taimaka yana ƙara maka daraja a idon mai karatu.

5. Lambobi: waɗanda za ka iya karewa kaɗai

Lamba tana ƙarfafa magana, amma ita ce ta fi saurin tona asiri. Yarinyar ta so ta rubuta cewa ta ƙara yawan masu dawowa da kashi kaza cikin ɗari. Na tambaye ta nawa suke dawowa kafin littafin. Ta ce ba wanda ya ƙirga ta wannan hanya. To babu ƙari da za ta iya nunawa. Abin da take da shi 41 cikin 60 ne, shi muka sa, ta kuma ƙara jimla ɗaya cewa rashin alƙaluman baya ya hana ta sanin girman tasirin, kuma hakan na daga cikin abin da ya sa take son koyon tattara bayanan lafiya. Ka ga gurbin da ta so ta ɓoye ya zama dalilin neman karatun.

Haka batun "ceton rayuka". Ba ta da hanyar sanin wane yaro ne da zai mutu, don haka ba ta da ikon faɗa. Ka tsaya a kan abin da ka gani ko ka ƙirga. Idan ba ka da adadi tabbatacce, ka ce "kimanin 30", ko ka kwatanta da abin da ake gani, kamar aji biyu ko layi uku na unguwa. Kar ka mai da 45 ta zama "sama da 100".

6. Sakin layin wahala

Da yawa daga cikin masu nema sun sha wahala ta gaske: maraici, rashin kuɗin makaranta, uba da ya rasa aiki tun da masaƙun Kakuri suka rufe. Ban taɓa ce wa kowa ya ɓoye wannan ba. Abin da nake hanawa shi ne salon takardar roƙo, irin su "ni talaka ne fitik, ku ne kaɗai gatana bayan Allah", ko tara kalmomin tausayi uku a jimla ɗaya. Irin wannan ma kumburi ne, na baƙin ciki. Ka faɗi abin sau ɗaya, a fili, ka wuce zuwa abin da ka yi a kai: "Mahaifina ya rasu ina aji biyu a jami'a. Na riƙa ɗinki da daddare na biya kuɗin rajistar shekaru biyun da suka rage." Jimla biyu, kuma sun fi shafi guda nauyi.

Ka kuma duba irin tallafin. Wanda aka gina a kan buƙata yana son ya san halin gidanku. Wanda aka gina a kan jagoranci da ƙwarewar aiki, irin Chevening da ke neman gogewar aiki ta aƙalla shekara 2, ba ya buƙatar dogon labarin yarinta.

7. Rage girman alkawari

Ƙarshen takarda shi ne inda kowa ke zama minista. "Zan kawar da mutuwar yara a Najeriya" ba tsari ba ne. Ka raba burin gida biyu: abin da za ka yi a shekara biyun farko bayan dawowa, wanda dole ya zama takamaimai, da inda kake fatan kaiwa nan da shekara goma, wanda za ka faɗa da "ina fata" ko "burina". Chevening ma sharaɗinsa ne ka koma ƙasarka na aƙalla shekara 2 bayan karatu, don haka waɗannan shekarun ne za su duba da kyau. Ita yarinyar ta rubuta cewa tana son ta dawo ta gwada tsarin tunatarwar a wasu ƙananan asibitoci na ƙaramar hukumar Igabi, inda Rigasa take, wannan karon da ƙirge tun daga farko, ta kai sakamakon ga hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha. Mai karatu zai iya hango ta tana yin hakan.

A nan kuma ka cire yabon jami'ar da ƙasar. Sun san jami'arsu ta shahara. Ka ambaci darasi ɗaya ko biyu a cikin kwas ɗin, da sunansu yadda suke a shafin jami'ar, ka ce wane gurbi za su cike maka.

8. Gwajin baki

Washegari ka kira mutumin nan da ka tanada. Ka karanta masa kowace jimla da Turanci, sannan ka faɗi ma'anarta da Hausa kana kallon idonsa. Wannan gwaji bai taɓa ba ni kunya ba. Manyan kalmomin Turanci suna ɓoye fanko, amma da ka ce wa yayanka da Hausa "ni fitila ce mai haskaka al'ummata", kai da kanka za ka ji nauyin bakinka. Duk jimlar da ka kasa faɗa masa ido da ido, ka sake ta. Duk wadda ka kasa fassarawa saboda ba ka san takamaiman ma'anar wata kalma ba, ka sauya kalmar da wadda ka saba amfani da ita. Turanci mai sauƙi da babu kuskure ya fi wanda aka ciro daga ƙamus.

Idan ba ka da wanda za ka karanta wa, ka naɗi muryarka a waya ka saurara bayan awa ɗaya. Inda ka ji muryarka ta koma irin ta mai jawabi a dandali, ka sa alama.

Gargaɗi a kan masu gyara: ka bari su nuna maka inda ba su gane ba da inda nahawu ya karye, amma kar ka bari su sake rubuta maka. Na ga takardar da ta bi hannun mutum huɗu, kowa ya ƙara kalmarsa mai daɗi, ta dawo ba ta kama da mai ita. Haka kwafo jimloli daga takardun da ke yawo a intanet: masu tantancewa sun riga sun gan su, kuma satar rubutu na iya sa a jefar da neman gaba ɗaya.

9. Daidaita da sauran takardu, sannan ka tura

Ka jera bayanin kusa da tarihin aikinka, ka duba shekaru, sunayen muƙamai da lambobi, kada nan ka ce wata huɗu can ka ce shekara ɗaya. Ka tura wa waɗanda za su rubuta maka takardar shaida kwafi, don abin da za su faɗa ya yi daidai da naka. Ɗiyar yayata ta kai wa shugabar asibitinsu, ita kuwa ta tuna mata cewa a wata na uku ne abokan aikin suka shigo, ba na biyu ba, aka gyara.

Bayan goge kirari za ka ga takardar ta ragu, wani lokaci da kashi ɗaya cikin uku. Kar ka cike gurbin da abin da ka goge. In akwai sauran wuri, ka ƙara bayani a kan dalilin da ya sa ka ɗauki wani mataki, ko ka kawo misali na biyu. In babu abin ƙarawa, ka bar ta a haka matuƙar ta kai mafi ƙarancin adadin da aka nema. Ka liƙa rubutun a fom ɗin kwana biyu ko uku kafin a rufe, ka sake karantawa a can, domin wani lokaci akwatin yana yanke jimlar ƙarshe ko ya haɗe sakin layi. Sannan ka ajiye kwafin abin da ka tura tare da littafin shaidarka, don idan aka kira ka intabiyu daga cikinsa za a ciro tambayoyi.